Idan aboki ya nemi rance, kuma ba za ka iya ba wannan watan

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, da yawanmu jarinmu ɗan kaɗan ne, kuma juya shi muke yi mako-mako. Ga shi kuma rumfa na jingine da rumfa, kowa na ganin kayan da aka sauke wa kowa. Shi ya sa cewa "a'a" ga amini take mana nauyi, har mu gwammace mu ƙirƙiro dalili.

Mu ɗauki misali. Mai sayar da dankalin turawa a Farin Gada yana da naira 350,000 a hannu. Naira 250,000 na sarin kaya ne daga Bokkos, sauran kuma kuɗin makarantar yara da zubin adashi. Sai amininsa ya zo bayan La'asar yana neman rancen 200,000 zuwa ƙarshen wata. Kuɗin suna nan, amma kowace naira da wurin da za ta.

Abu na farko da malamanmu suka karantar: ba da rance mustahabbi ne mai lada, ba wajibi ba ne. Ciyar da iyali kuwa wajibi ne, kuma hadisi ya tabbata a Bukhari cewa mutum ya fara da waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa. Suratul Isra'i, aya ta 29, ta hana ƙanƙame hannu, ta kuma hana sakinsa gaba ɗaya har mutum ya koma abin zargi. Ayar da ke gabanta ta yi umarni da magana mai sauƙi ga wanda ba a samu damar ba shi ba. Saboda haka mai dankalin nan bai yi zunubi ba in ya ƙi. Banda fa in rai ne ke cikin haɗari, kamar mara lafiya a gadon asibiti. Wannan hukuncinsa daban.

Inda muke faɗawa cikin laifi shi ne bakinmu. Sai ka ji mutum ya ce, "Wallahi ko sisi babu a hannuna." Ranar Laraba kuma mota ta sauke masa buhuna a gaban idon mai neman. Rantsuwa a kan ƙarya da gangan, a mazhabarmu ta Malikiyya, ba ta da kaffara, sai tuba, kamar yadda ya zo a Risala. Ka ga an guje wa abin da ba laifi ba, an ɗauko babban zunubi. Shi kuma aminin, da ya haƙura da rashin rancen, yanzu ya gane ana iya yi masa ƙarya da sunan Allah.

Ɗaya hanyar ita ce "bari mu gani zuwa Litinin", alhali mun riga mun yanke ba za mu bayar ba. Mu muna ganin kara ce. Shi kuwa ya daina nema a wani wuri, watakila har ya karɓi kaya ya ce Litinin zai biya. Magana mafi shahara a wurin malaman Malikiyya ita ce, in ka yi wa mutum alkawari kuma ya shiga wata hidima saboda alkawarin, cikawa ta zama dole a kanka. To, me ya kai mu?

Yawan bayani ma yana da nasa ciwon. In ka fara lissafa masa adashi da makaranta da kuɗin mota, ka buɗe ƙofar ciniki: zai ce a ɗaga zubin, ko a rage sarin, ko a ba shi rabi. Kai kuma sai ka ƙaro wani dalili, na ukun ya fito rabinsa ƙarya.

Abin da ya ishi mai dankalin nan gajere ne. Ya saurari abokinsa har ya gama, a keɓe, ba a gaban yaran shago ba. Sannan ya ce: "Malam, na ji buƙatarka, kuma na gode da ka zo wurina. Wannan watan ba zan iya ba ka rance ba. Allah ya buɗa maka." A lura, "ba zan iya ba" gaskiya ce, "ba ni da shi" ƙarya ce. In ya ce, "Haba Alhaji, ko rabi?" sai a maimaita cikin sakin fuska: "Ka yi haƙuri, wannan watan ba zai yiwu ba." Kada a ce "sai wata mai zuwa" sai in da gaske ake.

In akwai naira 10,000 da za ka iya ba shi kyauta ba tare da ka taɓa haƙƙin iyali ba, ka ba shi, ka faɗa masa kyauta ce. In babu, kada ka tilasta wa kanka. Maganar kuma ta tsaya tsakaninku, ko a gida ba sai an ji ba. Washegari kai za ka fara zuwa rumfarsa ku gaisa, domin shi ne yake jin nauyin haɗa ido da kai.