SALLAMA, SUNA, SANNAN DALILI: LADABIN FARA KIRAN WAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Makon jiya bayan sallar Isha'i wani dattijo cikin masu sallah a bayana nan Tudun Wada ya tsayar da ni, ransa a ɓace. Amininsa na shekara da shekaru ya rasu a Samaru, an yi jana'iza da la'asar, shi kuma bai ji ba sai da magariba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne an kira shi tun da hantsi. Lamba ce baƙuwa, ya ɗauka, sai wani yaro ya ce, "Halo, wa ke magana?" Dattijo ya ce, "Kai da ka kira, kai wane ne?" Yaro ya ce, "Ni ne mana, Baba, ba ka gane muryata ba?" Shi kuwa 'yan damfara sun taɓa kiransa da irin wannan salon, sai ya kashe wayar. An sake kira bai ɗauka ba. Ashe ɗan mamacin ne.

Ban ga laifin dattijon ba. Yaron ma yana cikin ruɗewa, Allah Ya ba shi haƙuri. Amma da ya fara da faɗin sunansa, da dattijon ya samu sallar amininsa.

Kiran waya ƙwanƙwasa ƙofa ne, shi ya sa malamai suka ɗora shi a kan babin isti'izani, wato neman izinin shiga, wanda Allah Ya yi umarni da shi a Suratun Nur, aya ta 27. Shaikh Bakr Abu Zaid ma ya yi ɗan littafi sukutum a kan wannan, mai suna Adabul Hatif. Mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In ka tsaya a zaure ka aika yaro ya yi maka sallama da maigida, abin da za a fara tambayar yaron shi ne, "In ji wa?" Babu mai cewa a je a ce wa maigida ya canka.

Mataki na farko shi ne sallama. Wanda ya kira shi ne baƙo, don haka shi ya fi dacewa ya fara. Ban ce "halo" haramun ba ce, kalma ce ta jin ko layi ya shiga. Amma sallama addu'a ce kuma akwai lada a kanta, to don me za ka bar ta? In ka yi, ka ɗan dakata a amsa maka. In wanda ka kira ba Musulmi ba ne, ko ofis ka kira, ka yi gaisuwa mai kyau da harshen da zai fahimta.

Mataki na biyu shi ne suna, kuma nan ne muka fi tuntuɓe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya je wajen Annabi (SAW) a kan bashin da mahaifinsa ya bari. Ya ƙwanƙwasa, aka tambayi wane ne, sai ya ce shi ne, bai faɗi suna ba. Annabi (SAW) ya maimaita kalmar tasa cikin yanayin da ya nuna bai ji daɗinta ba. Dalili a fili yake: kowa ma "ni" ne. Kalmar ba ta ƙara wa mai tambaya komai ba.

Sunan ma sai ya zama wanda zai bambanta ka. A cikin Bukhari, Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu ta nemi izini, aka gaya wa Annabi (SAW) cewa Zainab ce, sai ya tambaya wacce daga cikin masu wannan suna. To ina ga Zariya? In ka ce "Muhammadu ne", ni kaɗai a wayata akwai Muhammadu sun fi goma. Ka haɗa da abin da aka san ka da shi: sunan mahaifi, unguwa, ko sana'a. "Sani ne, tela na bakin kasuwa, wanda ya yi maka ɗinkin Sallah." Kuma kada ka dogara da cewa ai yana da lambarka. Wayoyi suna ɓata, ana sauya layi, dattawa da yawa ba sa iya karanta sunan da ya fito a fuskar waya, wani lokaci ma matarsa ko ɗansa ne ya ɗauka.

Wani zai ce, "Malam, ina gaisuwar tamu?" Tana nan, amma bayan suna. Ido da ido fuskarka ta riga ta faɗi ko kai waye, shi ya sa ake shiga "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali" kai tsaye. A waya babu fuska. Mutum yana amsa "lafiya lau" alhali zuciyarsa tana laluben wane ne wannan, kunya kuma ta hana shi tambaya. Ni kaina na taɓa shafe kusan minti biyu ina gaisawa da wani, ina ce masa "ɗalibina", ashe ƙanin mahaifiyata ne da sabon layi. Har yau in mun haɗu sai ya tsokane ni.

Mataki na uku shi ne dalili. Dubi Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib (RA) ranar buɗe Makka. Ta tarar da Annabi (SAW) yana wanka, Faɗima (RA) ta kare shi da tufa, wato ba ya ganinta, kamar dai mai amsa waya. Ta yi sallama, ya tambayi wace ce, ta faɗi sunanta da na mahaifinta, ya yi mata maraba. Da ya kammala, sai ta faɗi abin da ya kawo ta: mutumin da ta bai wa mafaka. Ka ga jerin: sallama, cikakken suna, jira har ya samu sarari, sannan buƙata. A waya, jiran nan shi ne ka ce, "Ko kana da sararin magana?" Wataƙila yana kan babur, ko a aji, ko gaban likita.

Ga yadda kiran yaron nan ya kamata ya kasance:

"Assalamu alaikum. Baba, ni ne babban ɗan amininka na Samaru, wane. Ina wuni? Baba, kana inda za mu iya magana? Sai dai haƙuri, Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa da safen nan. Jana'iza bayan la'asar, a ƙofar gida."

Bai kai rabin minti ba. In labarin mai nauyi ne irin wannan, tambayar inda mutum yake ba ƙawa ba ce: ba a gaya wa mai tuƙi rasuwa. In kuma lafiya ce, ka faɗa da wuri, musamman in ka kira da dare: "Lafiya lau ne, tambaya ce kawai." Uwar da ɗanta ke karatu a nesa, in ta ga baƙuwar lamba, gabanta faɗuwa yake har sai ta ji wannan kalmar.

Kai kuma da aka kira, kana da haƙƙin tambayar wane ne, kuma ba wulaƙanci ba ne. Wanda ya ƙi faɗin sunansa, yana cewa ka canka, kada ka canka masa. Da yawan 'yan damfara sunan da ka ambata shi za su ɗauka su zama shi, sai kuma maganar a turo kuɗi. Amma ka ba shi dama sau ɗaya: "Bawan Allah, faɗi sunanka da abin da ke tafe da kai, in ba haka ba zan ajiye." Na gaya wa dattijon nan haka, ya ce in sha Allahu zai riƙe.

Iyaye, mu koya wa yaranmu wannan kafin mu miƙa musu waya. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya ba iyalansa haƙuri, mu kuma Ya gyara mana harsunanmu. Wallahu a'alam.