YAƘIN 'YAN GICCIYE: WA YA FAƊA, KUMA YAUSHE YA FAƊA?

 

Ya ku samarin Tudun Kaya, mu ne kullum muke cewa kowace magana a kawo mata dalili. To, ƙa'idar nan ba ta tsaya a kan hadisi kaɗai ba, har tarihi ta shafa. Allah Ya umurce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Bari mu gwada wannan a kan rana guda.

Ranar Juma'a, 15 ga Yuli 1099, wato cikin Sha'aban 492 bayan Hijira, Faranjawa, Kiristocin Turai ke nan, suka shiga birnin Ƙudus suka yi kisa. Wannan babu jayayya, ɓangarorin biyu sun rubuta. Amma mutum nawa?

Ibnul Asir a cikin Al-Kamil ya ce sama da 70,000 aka kashe a Masallacin Aƙsa. Sai mu tambaya kamar yadda malaman hadisi suke yi: ya riski abin? Bai riska ba, a 1160 aka haife shi, shekara 61 bayan faruwarsa. Ibnul Ƙalanisi, wanda yake raye a Dimashƙa a lokacin, ya ambaci kisan, ya ce an ƙona Yahudawa a wurin ibadarsu, amma bai kawo adadi ba. Shi kuwa Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike, mai Ahkamul Ƙur'an, wanda ya zauna a Ƙudus 'yan shekaru kafin nan, 3,000 ya ce. Masu bincike da yawa a yau sun fi karkata kusa da maganarsa, ni ma ita na rinjayar. Kada wani ya ce Malam ya rage laifinsu. Haba! Rai 3,000 a cikin masallaci kaɗan ne?

Abin mamaki, su ma Kiristocin ƙara gishiri suka yi. Wani limaminsu, Raimon na Agila, yana wurin, ya ce jini ya kai linzamin dawaki. Da masana suka duba, sai suka ga siffar nan a littafin Ru'uya ta Yohanna take, sura 14. Shi a wurinsa yawan jinin abin alfahari ne, alamar an tsarkake birni. Ka ga ke nan, ganau ma yana da manufa.

To, me ya fito da su daga gida? Fafaroma Urban na Biyu ne ya yi kiran a Faransa a 1095, amma ba a adana lafazin huɗubarsa ba. Ruwayoyin da suke hannu bayan shekaru aka rubuta su, kuma sun saɓa wa juna. Namu kuma, Malam Assulami ya karantar da Kitabul Jihad a Dimashƙa a 1105. Ya gane cewa yaƙin addini suke yi, ya haɗa shi da abin da ya faru a Siƙilliya da Andalus, sannan ya ɗora laifi a kan sarakunan Musulmi da suka rarrabu.

Masu tarihi suna da ma'auni: kada ka tsaya ga abin da mutum ya faɗa, duba abin da ya kashe. An daɗe ana cewa 'yan cin ganima ne marasa gado. Sai wani Bature, Jonatan Raili-Simit, ya bi takardun jingina da sayar da filaye da suka bari a gidajen ibadarsu. Ya ga masu hali ne suka tafi, kuma tafiyar takan ci wa barde abin da yake samu a shekara huɗu ko biyar. Robat, sarkin Nomandi, ƙasarsa sukutum ya jinginar wa ɗan'uwansa. Bayan an ci Ƙudus kuma, mafi yawansu gida suka koma. Ku da kuka san gona, in mutumin Rogo ko Karaye ya jinginar da gonar gado ya yi tafiyar shekara uku, ya dawo hannu wofi yana murna, za ka ce riba ya je nema? Sun yi imani cewa za a kankare musu zunubi. Mu mun ce aƙidar ɓatacciya ce, amma ɓata daban, ƙaryar niyya daban.

Sai dai ma'aunin nan yana da iyaka. Malaman coci ne suka rubuta takardun, dole su sa musu harshen ibada, talaka kuwa da ba shi da fili bai bar takarda ba. Kuma a cikin rundunar akwai irin su Bohemon, wanda da ya samu Antakiya a 1098 ya zauna abinsa, bai bi su zuwa cin Ƙudus ba.