Nasiha ga mutanen Birnin Gwari kan takardar rufe asusun banki

Jama'ar Birnin Gwari, na cikin gari da na Randagi, Kuyello, Dogon Dawa, Damari da sauran garuruwan da ke gefen daji: Magana ce a kan wata takarda da ba ta wuce shafi ɗaya ba, wadda da yawa cikinmu ke buƙatar rubutawa a 'yan shekarun nan, kuma muke yi mata riƙon sakainar kashi.

Dalilin buƙatar a fili yake. Akwai masu asusun ajiya da suka buɗe a Kaduna, Funtuwa ko Zariya tun hanya na da lafiya, daga baya zuwa reshen ya zama sai an yi shahada. Da aka katse layukan waya a ƙarshen Satumbar 2021, mutane sun yi makonni ba su ga saƙon banki ko ɗaya ba. Da ƙarancin takardun naira ya zo a farkon 2023, mutane da yawa suka buɗe sabon asusu a waya, irin su OPay da Moniepoint, aka bar tsohon da 'yan kuɗi a ciki. Yanzu da aka sake buɗe kasuwar kara a ƙarshen 2024, kuɗi ya fara motsi, mutane na son tattara abinsu wuri guda. Wannan daidai ne. Asusun da aka yasar ba ya zama yadda aka bar shi: a jadawalin kuɗaɗen banki na 2020 an sa a riƙa cire naira 50 duk wata uku saboda katin cirar kuɗi, ana cire kuɗin saƙon waya, kuma a ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta Yulin 2024, idan ya shekara ba a taɓa shi ba ya zama matacce. In ya kai shekara goma a haka, a kwashe kuɗin zuwa wani asusu na musamman a Babban Banki. Mai shi na iya nema a biya shi, amma sai ya sha zirga-zirga.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne layin waya. Layin da aka daina amfani da shi na tsawon watanni, kamfani yakan sayar wa wani. Idan da shi aka buɗe tsohon asusun, saƙonnin bankinka za su koma shiga wayar mutumin da ba ka taɓa gani ba, ya san sunanka, ya san abin da ke ciki.

To, kafin a ɗauki biro, a fara gyara inda kuɗin za su sauka. Mu ɗauka wani mai sayen masara yana da naira 420,000 a tsohon asusunsa na Kaduna, yana son a mayar masa da su sabon asusun da ya buɗe a waya da lambar NIN kaɗai. Irin wannan asusun na matakin farko ne, kuma bisa ƙa'ida ba ya riƙe sama da naira 300,000. Idan aka tura 420,000, ko dai kuɗin su dawo, ko su shiga a ɗaure asusun har sai ya kawo ƙarin shaida, alhali tsohon an riga an rufe. Ga kasuwa ta ci, ga kuɗi a rataye. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya fara ɗaga matakin sabon asusun, ya haɗa masa BVN da NIN da shaidar wurin zama, sannan ya tura naira 1,000 ta gwaji, ya ga ta shiga da idonsa.

A wurin gwajin nan ya duba sunan da ya fito. Mu Hausawa muna da matsalar rubuta suna: nan Muhammadu, can Mohammed, a wani wurin Mamman, nan sunan uba a gaba, can sunan gari. Banki ba ya son tura ragowar kuɗin asusun da ake rufewa zuwa sunan da bai yi daidai da na mai shi ba, kuma da gaskiyarsa. Idan sunayen sun saɓa, a gyara tukuna. Kada kuma a ce a tura asusun ƙane, ko na mai POS ɗin bakin kasuwa, don gudun wahala. Ranar da aka samu saɓani, takardar da ka sa wa hannu ita za ta ba da shaida cewa da kanka ka ba shi.

Sai a tuna abin da ke shigowa ta tsohon asusun. Albashi, fansho, tallafin gwamnati, kuɗin abokan ciniki na Kudu da suka ajiye tsohuwar lamba a wayarsu: duk a sanar da su sabuwa, a kuma jira a ga biya ɗaya ya shiga can. Wanda ake bi bashi ya biya kafin ya rubuta. Banki ba zai rufe asusun da bashi ke kansa ba, kuma tun Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba bankuna damar bin BVN ɗin mai bashi su cire daga wani asusunsa na daban.

Ita takardar gajeruwa ce. A sama adireshinka da kwanan wata, sai manajan reshe da sunan bankin. Kan magana: neman rufe asusun ajiya. A ciki ka rubuta cikakken sunanka yadda yake a banki, da lambar asusun mai alƙaluma goma. Ka ce kana so a rufe shi, a tura dukkan abin da ya rage, har da duk wani ƙarin da ya hau kai, zuwa asusunka na banki kaza, mai suna kaza da lamba kaza. Ka nemi a soke katin cirar kuɗi da duk wani umarnin biya da ke kan asusun, a kuma ba ka shaidar rufewa a rubuce. Sai lambar wayar da banki ya san ka da ita, sai sa hannu irin wanda ka yi ranar buɗewa, ko dangwalen yatsa in da shi ka buɗe. Shi ke nan. Ba dole ba ne ka faɗi dalili. Yawancin bankuna za su ƙara maka da nasu fom ɗin ka cike a wurin.

Ku lura na ce "dukkan abin da ya rage", ban ce a rubuta adadi ba. A nan nake son mu tsaya, domin a nan halinmu ya bambanta da na mutumin Legas. Banki ya san abin da ke cikin asusunka har kwabo, ba ya buƙatar ka tuna masa, kuma adadin kan canja da 'yan kuɗin tura kuɗi da za a cire. Amma takardar ba banki kaɗai ke ganinta ba. Da Turanci ake rubuta ta, don haka da yawa sai sun nemi mai rubuta musu. Daga nan ta je shagon buga takardu, ta zauna a kwamfutar mai shago, a yi kwafin da bai fito da kyau ba a jefa kwando, mai ƙosai ta samu abin naɗi. Sannan ta shiga aljihu ta bi hanyar Buruku da Udawa, tafiyar sama da kilomita ɗari. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san cewa masu garkuwa ba duba suke yi ba, labari ake kai musu, kuma kuɗin fansa da abin da aka ji mutum yana da shi ake yanka shi. Takarda mai ɗauke da sunanka, da unguwarku, da naira 420,000 a rubuce, me ta rage wa infoma?

Saboda haka wanda zai rubuta maka ya zama wanda za ka iya ba ajiyar dukiya, kuma ya karanta maka abin da ya rubuta da Hausa kafin ka sa hannu. Rubutun hannu mai kyau ya wadatar. In sai an buga, a bar gurbin lambobin asusu, ka cike da biro daga baya, ka tsaya a goge takardar daga kwamfuta a gabanka, ka karɓi duk kwafin da ya lalace. Kada ka taɓa sa hannu a farar takarda da sunan za a cike daga baya.

Akwai abubuwan da ba sa shiga takardar ko kaɗan: lambar sirrin kati, dogayen lambobin da ke jikin katin, alƙaluma ukun da ke bayansa, da lambar nan ta ɗan lokaci da ake turowa a waya, wadda ake kira OTP. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar ko ɗaya daga cikinsu, a kan teburinsa ko ta waya. BVN da NIN kuwa, alƙaluma goma sha ɗaya-ɗaya ne da ke binka har ƙarshen rai. Rufe asusu ba ya kashe su. In banki ya nema, ka rubuta a fom ɗinsu a cikin banki. In ka manta BVN ɗinka, danna wannan a layin da ka yi rajista da shi, ba sai ka ba wani wayarka ba:

```
*565*0#
```

Kwafin katin shaida da za ka haɗa, ka rubuta a jikinsa da biro cewa don rufe asusu kaza ne a banki kaza, da kwanan wata, yadda ba za a iya ɗaukarsa a buɗe wani abu da shi ba.

Mai asusu shi ke zuwa da kansa, domin za a duba fuska, a gwada sa hannu ko yatsa. Direban mota ba zai iya ba, ɗa ba zai iya ba, miji ma ba zai rufe na matarsa ba. Malam, in kana son sauƙaƙa wa iyalinka, ka raka ta. Kafin a kama hanya a tambaya ko reshe mafi kusa zai karɓi takardar, don wasu bankunan kan miƙa ta ga reshen da aka buɗe asusun. A je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo maka da shi. Katin a yanka shi a gabanka, ta kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare. Jadawalin kuɗaɗen aiki na Babban Banki bai yarda a karɓi ko sisi don rufe asusu ba. Abin da za a cire ɗan kuɗin turawa ne kawai. Idan aka ce ka karɓi ragowar a hannu, ka ce a tura. Ba a bin wannan hanyar da daurin kuɗi.

Bayan ka dawo, ka sa ran kiran waya. Wani zai ce daga hedikwata yake, an samu tangarɗa wajen tura kuɗinka, ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Ka kashe. Ka goge saƙonnin banki daga wayar da kake tafiya da ita, ka sa wa layin kansa lambar kullewa.

Idan kwanaki suka wuce kuɗi ba su shiga ba, ka koma da kwafin nan mai hatimi, ka shigar da koke a rubuce, ka karɓi lambar koken. In mako biyu ya cika ba a warware ba, sai ka rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki a cpd@cbn.gov.ng, da lambar koken da kwafin takardar.

Asusun mamaci kuma hukuncinsa daban, kuma mun yi rashin mutane da yawa a shekarun nan. Ba a rufe shi da irin wannan takardar, ba a kwaikwayon sa hannun marigayi, ba a kuma ɗaukar katinsa a je wurin mai POS ko da an san lambar. Kuɗin na magada ne, har da marayun da ba su san da su ba. Sai an kai wa banki shaidar rasuwa da takardar kotu da ta ba da ikon kula da gadon, sannan ya saki kuɗin a raba yadda shari'a ta tanada.