Gyara Kayanka: Tsakanin Nasiha da Gori

Mu ma'aikatan rediyo muna da al'adar sauraron aikin juna kafin ya hau iska, kowa ya rubuta abin da ya ji. Wanda ya fi daɗewa a aiki shi ke tattara takardun ya miƙa wa mai shirin. Idan na tarar da kalamai masu zafi, nakan sake musu zubi kafin in miƙa. Wasu abokan aiki na ganin hakan munafunci ne, tunda gaskiya ɗaci gare ta. Shin wanda ya sauya lafazin suka ya ci amanar gaskiya?

Ga misali. Wani matashi a Akpakpa, nan Kwatano, ya haɗa rahoton minti biyar kan 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, masu tsallaka gada da fasinja zuwa kasuwar Dantokpa. Abokansa biyu suka saurara. Na farko ya rubuta: "Kai ba ka da kunne, aikin shirme ne." Na biyu ya ce: "Hausarka ta 'yan Zongo ce, ba mai gane ta."

Ban fara da goge zafin ba. Na koma wurin na farko na ce, "Malam, a wane minti ka ji shirmen?" Ya ce daga minti na biyu, ƙarar babura ta danne muryar wanda ake hira da shi har kusan daƙiƙa 40. Sai muka rubuta: "Daga minti 2 zuwa minti 2 da daƙiƙa 40 ƙarar babura ta rufe muryar ɗan zemijan, ban ji amsarsa kan kuɗin mai ba. Ka sake ɗaukar wurin a cikin lungu, ka matso da makirfo kusa da bakinsa."

Na biyu kuwa, da na matsa masa, ashe abu guda ne ya dame shi. Yaron ya ce kuɗin hawa "dala ɗari". A nan dala sefa biyar ce, dala ɗari ke nan sefa 500, amma mai sauraro a Kano zai ɗauka dalar Amurka ake nufi. Muka rubuta: "Inda ka ce dala ɗari, ka ƙara da cewa sefa 500 ke nan, saboda masu ji daga Nijeriya."

A duba da kyau, wace magana ta fi gaskiya? "Ba ka da kunne" hukunci ne kan halittar mutum, kuma wanda ya faɗa bai san hakan ba, rahoto ɗaya kawai ya ji. Abin da ya sani tabbas shi ne daƙiƙa arba'in ɗin nan. Haka "ba mai gane ta" ƙari ne, kalma ɗaya ce ta shige duhu. Saboda haka sabon zubin bai rage gaskiya ba. Ƙaryar da fushi ya liƙa mata ce aka ɓamɓare.

Malaman Musulunci sun daɗe da lura da wannan. Ibn Rajab, wanda ya rasu a shekarar 1393, ya rubuta ɗan littafi kan bambancin nasiha da gori. Ma'aunin da ni nake amfani da shi mai sauƙi ne: shin mai aikin zai iya tashi gobe ya gyara abin da aka faɗa? Zai iya sake ɗaukar murya. Ba zai iya sake kunne ko unguwar da aka haife shi ba.

Amma masu zargin munafunci suna da hujja a wuri ɗaya. Akwai tausasawar da ke kashe magana, irin "shirin ya yi kyau, sai ɗan gyara kaɗan". Wannan ya fi zagin cutarwa, domin yaron zai tafi da kuskurensa yana murna. Alamar an wuce gona da iri ita ce mai aikin ya karanta bai san inda zai taɓa ba. Idan rahoton bai isa hawa iska ba, dole a rubuta haka ƙarara, tare da dalili.

Sannan ba na miƙa sabon zubi sai mai sukar ya karanta ya ce e, abin da yake nufi ke nan, don kada in sa masa magana a baki. Wani lokaci kuma na tambayi minti, mutum ya kasa nuna ko ɗaya. Irin wannan takarda ba ta gyaruwa, domin babu aiki a cikinta, sai wata jiƙaƙƙa tsakaninsu. Ita nakan mayar wa mai ita, in ce su je su sasanta a wajen ɗakin shiri.