Bimbinin Safiya: Takardar da Ƙasanta Ya Yanke

Karatu: Farawa 12:1-7

Ranar jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, injin kwafi ya cinye mana ƙasan takardar insha'i. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ranar kasuwa a garinmu." Layin da ya ce a rubuta wasiƙa ga aboki, cikin kalmomi kimanin 300, ya tafi da gefen takarda. Laifina ne, don ban duba ba kafin in raba.

Wanda bai taɓa gyaran insha'i ba zai ce ai jigo ya isa. Bai isa ba. Wannan jigon ana iya ba da labarinsa, ana iya siffanta shi, ana iya yin wasiƙa da shi. In wasiƙa ce, sai an ga adireshi da kwanan wata da gaisuwa da sallama, kuma kowanne da makinsa. Tsawo ma haka: takardar Turanci ta WAEC kalmomi 450 take nema, wanda ya tsaya a rabi ya yi asara komai kyan rubutunsa.

Ina tsaye ina kallonsu. Wasu sun rungume hannu. Wani yaro ya sunkuya ya cika shafi biyu da labarin ɓarawon akuya, aiki mai kyau, sai dai ba shi aka tambaya ba. Wata yarinya kuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, takardata ba ta cika ba." Kafin in dawo daga ofis da ta asali, ta riga ta jera abin da za ta faɗa a gefe: rumfar masu hatsi, kara, 'yan dako, hayaniyar la'asar. Da na karanto umarnin, adireshi kawai ta ɗora a sama ta ci gaba.

Irin takardar nan aka miƙa wa Ibrahim a Haran yana da shekara 75. An ce ya bar ƙasarsa da danginsa da gidan mahaifinsa, amma ba a faɗa masa sunan inda za shi ba, balle kwana nawa zai yi a hanya. Ya ɗaure kaya ya tashi. Sai da ya kai Shekem Ubangiji ya bayyana gare shi, ya ce wannan ƙasar ce zai ba zuriyarsa.

Ni dai na fi jin tsoron halin yaron nan a kaina. Zama na rungume hannu bai cika kama ni ba. Abin da nakan yi shi ne in ƙirƙiro sauran umarnin da kaina, in ce Allah ne ya faɗa.

Ya Ubangiji, ka san abin da ka ɗora mini wanda ban ga ƙarshensa ba. Ga hannuna a sama. Kafin amsarka ta zo, ka ba ni ƙarfin yin ɗan abin da ka riga ka nuna mini yau. Amin.