Rabuwar Arziki da Aikin da Ba Ka Karɓa Ba

Akwai wata irin kunya da ke ɓata zumunci fiye da rashin kunya. Ita ce wadda ke hana mutum cewa "ba zan iya ba" in an yi masa tayin aiki, sai ya ce "bari in yi shawara", daga nan ya daina ɗaga waya. Shi a ganinsa kara ya yi. Wanda ya ba shi aikin kuwa wulaƙanci ya gani, kuma da gaskiyarsa.

A ce wani matashi ne, malamin lissafi, ya gama bautar ƙasa. Wata makaranta mai zaman kanta a Zariya ta yi masa intabiyu a watan Agusta, ta ba shi takardar ɗaukar aiki, ta ce ya ba da amsa cikin mako guda. Kafin makon ya cika sai wani aikin ya fito masa a Kaduna, kusa da iyayensa. Babu laifi don ya zaɓi Kaduna. Laifin yana cikin yadda zai bar Zariya.

Ba a banza aka sa mako gudan nan ba. A ranar intabiyu akwai wanda ya zo na biyu, shi ma neman aiki yake, ba zai zauna jira ba. Idan matashinmu ya yi shiru har aka koma makaranta a Satumba, na biyun ya kama gabansa, 'yan ajin ƙarshe da jarrabawar WAEC ke gabansu sun wayi gari ba malamin lissafi. Waɗannan yaran su ne ke biyan kuɗin kunyarsa, alhali ko sunansa ba su sani ba. Shi ya sa nake ganin saurin ba da amsa shi ne kan gaba a ladabin, ya fi daɗin baki. Ranar da ka yanke shawara, ranar za ka faɗa.

Wa zai fara ji? A wurinmu da wuya aiki ya zo ba ta hannun wani ba. In tsohon malaminsa ne ya kai sunansa, to shi za a fara samu, ƙafa da ƙafa in da hali, domin mutuncinsa ya jingina. Bai kamata ya ji labari daga bakin mai makaranta ba. Bayan nan sai a kira wadda ta yi tayin, da murya, ba saƙon WhatsApp da tsakar dare ba:

"Hajiya, barka da aiki. Na gode ƙwarai da yardar da kika nuna mini. Na samu wani aiki a Kaduna kusa da iyayena, kuma shi na karɓa. Na ga ya dace in sanar da ke da wuri don ki samu wani kafin a koma. Ina fata ba za a yanke zumunci ba."

Iyakarta ke nan. Sai ya bi bayanta da gajeriyar takarda a ranar, don a sa a fayil.

Dubi dalilin da ya bayar: gajere ne, kuma gaskiya ne. A nan mutane da yawa ke zamewa. Wani sai ya ƙirƙiro wa mahaifiyarsa ciwo, ko ya ce zai koma karatu, ya manta malaman makarantu sun san juna, kuma Zariya da Kaduna ba nisa. Wani kuma sai ya tsaya lissafa aibin wurin, albashi kaɗan, aji ya cika. Ba a tambaye shi ba. Idan albashi ne kaɗai matsalar kuma zai zauna in an ƙara, ya faɗa a fili, wannan ciniki ne halal. Amma in ya riga ya yanke shawara, kada ya bari Hajiya ta yi ta ƙari yana jan rai.

Shi kuma "ba za a yanke zumunci ba" yana bukatar aiki. Zai iya cewa yana da abokin karatu da ya iya lissafi, in tana so ya turo shi, da sharaɗin ya san abokin zai riƙe amana, don in ya ba da kunya sunansa ne zai ɓaci. Ya riƙe lambarta, ya yi mata barka da Sallah, ya taya ta murna in sakamakon ɗalibanta ya yi kyau. Abin da ba zai yi ba shi ne alkawarin "baɗi zan zo" alhali bai da niyya.

Duk wannan kafin sa hannu ne. In ya riga ya rubuta cewa ya karɓa, magana ta zama ta alkawari, kuma waya ba ta wadatar ba. Sai ya duba ko takardar ta ƙayyade wa'adin sanarwa, ya je da kansa ya ba da haƙuri, ya kuma yarda ya riƙe ajin har a samu wanda zai maye gurbinsa, ko da hakan zai sa ya roƙi mutanen Kaduna su ɗaga masa ranar fara aiki.