Amanar da ke cikin kalmar "a'a"

Wani matashi a Damagaram ya je wurin ɗan'uwa da ya girme shi a zawiya, ya roƙe shi ya zama mai yi masa tarbiyya. Sai ya amsa masa: "Ƙanena, ba ni da izinin wannan."

Shin rowa ce? Wasu za su ce ai mai nema ba a korarsa. Amma tarbiyya amana ce, kuma wuridi sai da izini ake ba da shi. Wanda ya karɓi almajiri don kunyar ƙi, alhali bai kai ba, ya tsare shi ne a ƙofar da ba ta buɗewa, shekaru na wucewa yaron yana zaton tafiya yake yi.

Ƙin da ke zama laifi shi ne wanda ke barin mutum tsaye shi kaɗai. Wannan ɗan'uwa bai yi haka ba. Ya ambata masa muƙaddamin unguwarsu. Ya ce ya fara gyara tsarki da salla da Ahalari da Ishmawi wurin malamin zaure, domin wuridi ba ya tsayawa a kan alwalar da ba ta inganta ba. Ranar Juma'a bayan la'asar, da kansa ya raka shi har gaban muƙaddamin.